Yadda ake gane ciwon afendis a hoton siti na ciki

Sau da yawa a nan Sakkwato hoton siti yakan riga rahotonsa isowa. Ɗan'uwan mara lafiya zai shigo da babban ambulan a hammata, ko faifai a aljihu, ya miƙa wa likitan da ke bakin aiki ya ce an ce rahoto sai gobe. Shi kuwa mai ciwon yana kwance ya naɗe ƙafar dama, ko tari ba ya so ya yi. Wannan bayani na yi shi ne domin likita matashi da ya sami kansa a wannan hali, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yake, ko a wani babban asibiti na ƙaramar hukuma da aka komo masa da hoto daga birni. Ba zai maye gurbin rahoton likitan hoto ba, amma zai sa ka san abin da za ka gaya wa likitan tiyata a waya tun cikin dare.

Abu guda nake so ya zauna maka tun yanzu: kaurin afendis shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Sai ka nemo shi, ka bi shi har ƙarshensa, ka auna, sannan ka tambayi kitsen da ke zagaye da shi. Kitsen nan shi ne babban mai shaida.

Kafin ka fara: daidaita hoton

Hoton siti yanka-yanka ne na jiki, kamar yadda mai rake yake yanka sandar rake gunduwa-gunduwa, kai kuma kana kallon fuskar kowace gunduwa. Ana kallon yankan ne kamar kana tsaye wajen ƙafafun mara lafiya kana duban kansa, don haka damansa yana hagun allonka. Nemi harafin `R` a gefen hoton ka tabbatar. Hanta ma za ta taimake ka, tana hagun allo a yankunan sama.

In a kwamfuta kake, sa tagar nama mai laushi, saitin haske da duhun hoton ke nan, wato `W 400 L 40` ko kusa da haka. A wannan taga ƙashi fari ne fat, iska baƙa ce wuluk, tsoka da hanji toka-toka ne, kitse kuma baƙi-baƙi ne mai duhu amma bai kai iska ba. Dalili shi ne ma'aunin `HU` da na'urar ke amfani da shi: ruwa 0 ne, kitse wajen −100, iska −1000. Idan tagar ta yi ƙunci, kitse da iska za su haɗe su zama baƙi ɗaya, ka rasa ainihin abin da ka zo nema.

Duba kuma ko an yi wa mara lafiya allurar ruwan kwantaras ta jijiya, wato ruwan da ke sa jijiyoyin jini da kayan ciki su haska a hoto. Idan babbar jijiyar jini da ke gaban ƙashin baya da ƙodoji sun yi haske, an yi. Galibi ana ɗaukar hoton ciki bayan daƙiƙa 60 zuwa 70 da fara allurar, lokacin da bangon hanji ke haskawa sosai. Idan ba a yi ba, ko don ƙodar mara lafiya ba ta da ƙarfi ko don kuɗi ba su kai ba, hoton bai zama banza ba. Za ka ga kauri da kitse da tsakuwa, hasken bango ne kawai za ka rasa.

Wata magana a gefe: in an kawo fim da faifai tare, ɗauki faifan. Fim yakan ɗauko zaɓaɓɓun yankuna ne masu kaurin milimita 5, faifai kuwa sau da yawa yana da sirara na milimita 1 zuwa 2, kuma za ka iya gungurawa sama da ƙasa. Hoton fim da aka ɗaga wa taga aka ɗauka da waya aka turo, ba a auna milimita da shi.

Mataki na farko: nemo shi

Nan ne yawancin aikin yake, kuma nan ne ake yawan ɓata. Kada ka faɗa kwiɓin dama kana neman abu mai kama da tsutsa, domin wurin cike yake da abubuwa masu kama da juna: ƙaramin hanji da ya motse, jijiyoyin jini, kaluluwa, bututun fitsari. Bi hanya kamar mai neman gida a tsohuwar unguwa, wanda ke farawa da babban titi kafin ya shiga lungu.

Babban titin shi ne babban hanji na ɓangaren dama. Fara daga ƙarƙashin hanta, za ka gan shi a gefe, mai faɗi, da bayan gida a ciki mai ɗigo-ɗigon iska. Gungura ƙasa kana biye da shi har ka ga inda ƙaramin hanji ya shigo masa daga ɓangaren tsakiya. Wannan ƙofa tana da leɓɓa biyu masu ɗan kitse, shi ya sa takan yi duhu kaɗan fiye da sauran bango. Abin da ke ƙasa da ƙofar shi ne sikam, jakar da babban hanji ya fara da ita. Afendis yana fitowa ne daga bangon wannan jaka, ta baya wajen tsakiya, kamar santimita 2 zuwa 3 ƙasa da ƙofar, kuma a gefe ɗaya da ita.

Da ka ga bututun da ya fito daga nan, bi shi yanki bayan yanki. Abin da zai tabbatar maka afendis ne shi ne ya ƙare kamar lungun da ba ya ɓullewa. Idan ya ci gaba ya haɗe da wani hanjin, ƙaramin hanji ka biyo. Idan ya yi rassa, jijiya ce. Idan ya bayyana a yanki biyu ko uku ya ɓace ba tare da ya taɓa sikam ba, kaluluwa ce.

Tushensa ba ya sauya wuri, amma jelarsa tana zuwa duk inda ta ga dama. Tsawonsa yakan kai santimita 6 zuwa 10, wani ya fi haka. A mutane da yawa yana lanƙwashewa ya hau bayan sikam, a wasu ya gangara cikin ƙugu kusa da mafitsara ko ƙwan mace. Shi ya sa wurin da Charles McBurney ya bayyana a 1889, wato kashi ɗaya cikin uku na tazarar da ke tsakanin tsinin ƙashin ƙugu na dama da cibiya in an fara awo daga ƙashin, yake nuna tushe ne kawai. Ciwon na iya fitowa a kwiɓi ko a mara. In ka rasa shi a yankan kwance, koma hoton `coronal`, wanda ke nuna jiki kamar an tsaga shi daga sama zuwa ƙasa ana kallonsa ta gaba. Afendis da ya hau bayan sikam yakan fito a nan da tsawonsa gaba ɗaya.

Mataki na biyu: auna, amma da hankali

Nemi inda ya fi kauri, ka auna daga wajen bango zuwa wajen ɗaya bangon. Auna gajeren gefe. Bututun da wuƙa ta yanka a karkace yakan fito kamar ƙwai, kuma in ka auna tsawon ƙwan za ka ƙara masa abin da ba shi da shi.

Adadin da kowa ya haddace shi ne milimita 6. An ɗauko shi ne daga sikanin ultrasawun, inda ake danna cikin har afendis mai lafiya ya lotse. A siti ba wanda ke dannawa, saboda haka mutane da yawa masu ƙoshin lafiya nasu yakan wuce 6. Fensirin da ke aljihunka kaurinsa wajen milimita 7 ne, ka ga ba wani abin tsoro ba ne a karan kansa. Ni yadda nake ɗaukarsa: ƙasa da 6, da wuya ya zama ciwo, sama da 10, zargi ya yi ƙarfi, tsakanin 6 da 10 kuwa, ma'auni bai ce komai ba tukuna, sai an ji daga sauran shaidu.

Shaida ta kusa ita ce abin da ke cikinsa. Afendis mai milimita 8 da iska ta cika shi tun daga tushe har jela, da bango siriri kamar takarda, yawanci lafiyayye ne. Mai milimita 8 da ruwa ya cika shi ya yi tamtsan, babu iska ko kaɗan, wannan toshewa ce. Bangonsa ma a duba: na mai lafiya bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, in ya kai 3 ya kumbura. Idan an yi allurar kwantaras, bangon da ke ciwo yakan fi na hanjin da ke kusa haske, wani lokaci ya yi zobe cikin zobe kamar albasar da aka yanka a tsakiya.

Kada ka tsaya a tushe ka ce lafiya. Akwai ciwon da ke kama jela kawai, tushe ya zauna siriri da iskarsa. Wanda bai bi bututun har ƙarshe ba, zai iya sallamar mara lafiya bisa kuskure.

Sai tsakuwa. Wani farin abu ne mai haske kamar ƙashi a cikin bututun, bayan gida ne da ya daskare ya tara sinadarin kalsiyam. Ana samunta ma a masu lafiya, don haka ita kaɗai ba ciwo ba ce. Amma in tana tushe, bayan ta kuma bututu ya kumbura da ruwa, to ka ga murfin da ya toshe kwalbar. Ka ambace ta ga likitan tiyata, domin afendis mai tsakuwa ya fi saurin fashewa, kuma ya fi ƙin jin maganin kashe ƙwayoyin cuta in an ce a gwada magani ba tare da aiki ba.

Mataki na uku: tambayi kitse

Kitsen ciki mai lafiya a hoto baƙi ne tas, sumul, ba komai a cikinsa sai 'yan jijiyoyi masu kaifin baki. Idan wani abu kusa da shi ya kamu da ciwo, ƙananan jijiyoyin jini sukan buɗe su tsiyayar da ruwa cikin kitsen. Ruwa 0 ne a ma'auni, kitse −100, to gaurayensu sai ya tashi daga baƙi ya koma toka-toka. Abin da ido ke gani shi ne hazo, irin na safiyar hunturu da ke sa ka kasa rarrabe bakin gini da sararin sama, tare da wasu siraran zare-zare kamar saƙar gizo-gizo da ke fita daga jikin afendis. Wannan ne za ka ga an rubuta `fat stranding` a rahoto.

Hanyar da ta fi sauƙi ta gane shi ita ce kwatance. A yanki ɗaya, dubi kitsen da ke zagaye da afendis, sannan ka dubi kitsen da ke daidai wurin a ɓangaren hagu, kusa da babban hanjin da ke gangarowa. In na hagu baƙi ne tsaf, na dama ya yi dushi-dushi, ka samu. Dubi bakin afendis ɗin kansa: mai lafiya kamar an zana shi da biro yake, mai ciwo kamar an zana shi da gawayi an goga yatsa a kai. Akwai kuma wani siririn layi na tantani da ke bayan sikam da gefensa, wanda da kyar ake ganinsa a mai lafiya. In ya yi kauri ya fito fili a dama kawai, shi ma shaida ne.

Tambaya ta biyu ita ce ina hazon ya fi kauri. Hayaƙi ya fi yawa a bakin murhu. In ya fi taruwa a jikin afendis yana raguwa yayin da kake nisa, daga nan wutar ta tashi. In ya fi taruwa a jikin ƙaramin hanji, ko ƙwan mace, ko bututun fitsari, afendis kuma gefensa kawai ya shafa, to maƙwabci ne da gobara ta lasa.

Wannan shaida tana da raunin da ya shafe mu ƙwarai a nan. Sai da kitse ake ganin hazon kitse. Yara, da samari sirara irin manoma da makiyayan da muke gani kullum, cikinsu ba shi da kitsen kirki. Hanji yana manne da hanji, ba baƙin fili a tsakani. A irin su rashin hazo ba ya wanke afendis, nemo shi ma aiki ne. Haka kuma a awannin farko na ciwo, kitsen na iya zama tsaf alhali bututun ya fara kumbura. Ta ɗaya gefen, mai ciwon hanta ko ƙoda ko zuciya da ruwa ya taru masa, kitsensa duka hazo ne, dama da hagu har ƙarƙashin fata, wannan ba ya nuna komai game da afendis. Wanda ya kasa riƙe numfashi lokacin ɗauka shi ma hotonsa yakan yi dishi-dishi, amma za ka ga har bakin hanta da ƙoda sun yi biyu-biyu.

Idan mutum yana da kitse isasshe, ka bi sikam ta ko'ina ba ka ga afendis ba, kitsen wurin kuma tsaf yake, ciwon afendis ya yi nisa da zato.

Mataki na huɗu: ya fashe ko bai fashe ba

Mutanenmu ba su cika zuwa da wuri ba. Sai an sha na kemis, an sha jiƙo, an yi kwana uku ko huɗu. Saboda haka kada ka rufe hoton ba ka nemi waɗannan ba: ɗigon iska a wajen hanji, cikin kitsen da ke kusa, tsakuwar da ta fito waje da bututun, wani gurbi a zoben bangon da bai haska ba, kamar katangar da ta rushe a wuri guda, ko tarin ruwa mai bango mai haske, wato ƙurji, wani lokaci da iska a samansa. Leƙa can ƙasan ƙugu, bayan mafitsara, domin nan mugunya ke gangarawa. Ɗan ruwa kaɗan marar bango ba ya nufin fashewa.

Tarko a nan shi ne afendis da ya fashe yakan sace kamar tayar da ta yi faci, ma'auninsa ya komo ƙarami, ko ya narke cikin dunƙulen kitse da hanji har ka kasa ganinsa. Dunƙule mai hazo a gindin sikam, da tsakuwa a tsakiyarsa, afendis ne har sai an tabbatar da wani abu daban.

Masu kama da shi a ƙasarmu

Taifod ne na farko. Yana kama ƙarshen ƙaramin hanji, daidai maƙwabtan afendis, yana kuma huda shi, galibi a mako na biyu zuwa na uku na zazzaɓi. A hoto za ka ga bangon ƙaramin hanjin ya yi kauri na tsawon santimita da yawa, kaluluwa sun yi yawa, saifa ta girma, in ya huda kuma iska da ruwa sun watsu ko'ina cikin ciki. Labarin ma daban ne: a taifod zazzaɓi ne ke riga ciwon ciki da kwanaki, a afendis ciwon ne ke fara zuwa. Tarin fuka na hanji yana son wurin nan shi ma, amma na watanni ne, da rama, da sikam da ya tsuke, da kaluluwa masu duhun tsakiya.

Tsakuwar ƙoda, wadda zafin Sakkwato da ƙarancin shan ruwa ke taimaka wa, tana iya tsayawa a bututun fitsari na dama ta yi kama da tsakuwar afendis. Bi bututun sama. In ya kai ka ƙodar da ta kumbura, ka san gidan da ta fito. Mace kuwa da ke shekarun haihuwa, gwajin ciki ake fara yi tun kafin a kai ta ɗakin siti, saboda hasken na'urar da kuma cikin da ya zauna a wajen mahaifa. Ita da yara, ultrasawun ne farko. Wanda ya haura shekara 40, ka duba bangon sikam da kyau ko ƙari ne ya toshe bakin afendis, haka in bututun ya wuce milimita 15 kitse kuma tsaf.

Mu bi hoto ɗaya tare

A ɗauka saurayi ne mai shekara 24, ɗan kasuwar albasa daga wajen Gwadabawa. Shekaranjiya da dare ciwo ya fara masa a cibiya, ya yi amai sau biyu, abinci ya fita ransa. Jiya ciwon ya koma kwiɓin dama, can wajen baya. An ba shi maganin taifod a kemis. Da ka danna wurin McBurney zafin kaɗan ne, amma da ka miƙar da cinyarsa ta dama baya sai ya yi ƙara. Fitsarinsa da 'yan ƙwayoyin jini kaɗan, ultrasawun kuma iska ta hana a ga afendis. Tsakuwar ƙoda ce ko afendis? Irin wannan ne ya cancanci siti; wanda alamunsa suka fito sarai ba ya bukatar a kashe masa kuɗin hoto kafin aiki.

Ka buɗe faifai, `R` yana hagu, ƙodoji sun haska daidai da juna, ta dama ba ta kumbura ba. Ka gangara da babban hanji har ƙofa mai leɓɓa biyu. Ƙaramin hanjin da ke shigowa bangonsa siriri ne, taifod ya fara ja da baya. Kamar santimita 2 ƙasa da ƙofar, ga bututu ya fito ta baya, da farar tsakuwa mai milimita 7 a bakinsa. Daga nan bututun bai gangara ba, sai ka koma kana gungurawa sama: ga shi zagaye a bayan sikam, kwance kan tsokar sowas da ke gefen ƙashin baya. Wannan ya bayyana ƙarar da ya yi da ka miƙar da cinya, kuma da yake bututun fitsari na wucewa kan tsokar nan, ya bayyana jinin da ke fitsari. Gajeren gefensa milimita 11, bango 3, ruwa cike, ba iska. Ya ƙare a ƙasan ƙoda, bai haɗe da komai ba. Yaron ba shi da ƙiba, amma bayan sikam akwai ɗan kitse, kuma ya yi toka-toka da zare-zare, na hagu kuwa baƙi tsaf. Zoben bangon cikakke ne a kowane yanki, ba iska a waje, ba ƙurji, sai ɗan ruwa kaɗan a ƙugu.

Yayansa yana tsaye a bayanka tun ɗazu. «Likita, mi kag gani?»

«Malam, afendis ne ya kumbura, amma bai fashe ba tukuna. Kada a ba shi komai ta baki, ko ruwa. Zan kira babban likita yanzu.»

A waya kuwa, jimla uku sun isa: «Ranka ya daɗe, namiji ne mai shekara 24, ciwo kwana biyu. Afendis yana bayan sikam, jelarsa ta kai ƙasan ƙoda, milimita 11, da tsakuwa a tushe da hazon kitse kewaye. Ban ga iska a waje ko ƙurji ba, ƙoda da ƙaramin hanji lafiya.» Maganar inda jelar ta kai kada ka bar ta, domin da ita zai san inda zai tsaga da kuma tsawon tsagar. Kafin ya iso, ka sa ruwa a jijiya, ka ba da maganin ciwo da na kashe ƙwayoyin cuta, ka kuma aika faifan wurin likitan hoto ya rubuta nasa.